Tsakanin Teburin Yanka da Layin Keke

Salome Yunana ba ta taɓa neman a ɗora ta a kan kowa ba. A wani ƙauye bayan Giwa aka haife ta, gidan manoman dawa da masara. Kakanta har ya rasu bai taka coci ba bai taka masallaci ba, mahaifinta kuwa shi ne mai kiɗan ganga a cocin ƙauyen. Tana da shekara goma sha shida aka kawo ta Samaru wurin gwaggonta mai sayar wa ɗalibai abinci, ta yi shekara biyu tana wanke kwanuka kafin ta ce ita ɗinki take so. A Hayin Dogo ta yi aure, a nan ta haifi Mark da ƙannensa biyu, kuma daga nan take hawa bas kullum da safe, ta bi ta Kwangila ta sauka Sabon Gari.

Wurin aikinta wani dogon shago ne a bayan unguwar PZ, na Madam Funmilayo, inda ake ɗinka wa makarantu yunifom. Keke goma sha ɗaya ne a jere ta jikin bango, teburin yanka yana can ƙurya, sai ɗan sito mai cike da bandir ɗin yadi. Shekararta goma sha uku a wurin. Mace ce mai saurin hannu, ba ta da yawan magana, in ta damu sai ta riƙa murza tef ɗin awon da ke wuyanta har ya nannaɗe.

A watan Agustan da ake wannan magana, 'yar Madam ta haihu a Ibadan, haihuwar ta zo da wahala. Madam ta tara ma'aikata ana gobe za ta tafi, ta ce daga yau Salome ce mai kula da aiki, abin da ta ce shi ke nan. Ta miƙa mata makullai. Saura mako huɗu a koma makaranta, ga odar riga ɗari huɗu ta wata firamare a Hanwa, ruwan bula mai haske, ba a ko taɓa yadin ba.

Mutum biyu ne ke riƙe da shagon, kowa ya san haka. Na farko Baba Akinola mai yanka. A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu Hausawan. Ya haura sittin. Shi ya fara ɗora hannun Salome a kan almakashi, yana kiranta 'yata. Ta biyu Akunna, wadda ake ce wa Maman Chisom, babba a layin keke. Shekara tara kekenta yana kusa da na Salome, a kwano ɗaya suke cin abincin rana, kuma ita ce ta riƙe Salome a cikin mota ranar da naƙudar autarta ta kama ta a bakin aiki.

Kwana tara da tafiyar Madam abin ya fashe. Akunna ta taso daga kekenta da riga a hannu, ta jefa ta a kan teburin yanka.

“Baba, duba wannan. Hannu ya fi hammata girma. Tun safe muke fama.”

Baba bai ɗago ba. “Ku ne kuke cin yadi a kafaɗa da gefe. Rabin inci na bar muku, kuna cin kusan ɗaya. Dole hammata ta tsuke.”

“Shekara ashirin ina ɗinki, yau za ka koya mini rabin inci?”

“Shekara arba'in ina yanka.”

“To arba'in ɗin ce ta ishe ka. In ka makance ka faɗa, a nemo mai ido.”

Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ajiye almakashi a hankali, ya ce ba ya magana da macen da ba ta san girman kowa ba. Salome ta taho da sauri daga sito, abin da ya fara zuwa bakinta shi ta faɗa.

“Baba, ka yi haƙuri don Allah. Maman Chisom, koma kan kekenki.”

Ita a ganinta wuta ta kashe. Ba ta san yadda maganar ta sauka ba sai da rana, da ta ji ɗaya daga matan layi tana cewa an ba Baba haƙuri, an kori Akunna kamar yarinya. Wata ta ƙara da cewa ai ba mamaki, Madam Bayarbiya, Baba Bayarbe, wadda aka ɗora kuwa ɗalibarsa ce.

Salome ta ce bari ta gyara. Ta ɗauki kularta ta zauna kusa da Akunna kamar yadda suka saba. Akunna ta ci, ta yi ta zuba ƙorafi, Salome tana gyaɗa kai don dai kada ta ƙara tunzura ta. Ashe Baba yana kallo daga ƙurya. Da za a tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Sai da safe, Oga.” Bai taɓa kiranta haka ba.

Kwana uku da suka biyo baya ba ta zauna wuri ɗaya ba. Baba ya koma yanka a hankali, sai layi ya zauna babu aiki kafin ya saki ƙunshi ɗaya. Akunna ta daina zuwa teburin, duk rigar da ta ƙi sai ta jefa ta cikin wani kwali a tsakiyar shago inda kowa zai gani. Kwalin yana cika. Masu ɗinki suka rabu, wasu suna gaishe da Baba da ƙarfi da gangan, wasu suna wucewa kamar ba su gan shi ba. Salome ta je sito ta dawo, ta tsaya wurin mai guga ta koma sito, ta ƙirga bandir ɗin da ta riga ta ƙirga. Duk wanda ta tsaya kusa da shi, sai ta ji idon ɗayan a bayanta. A bas ta wuce inda take sauka har sau biyu. A gida ta zuba gishiri a miya sau biyu, Baban Mark ya ci haka nan.

Ta kira Madam. Ana jin kukan jariri ta can.

“Akinola ba ya kuskure a yanka,” in ji Madam. “Ki ce wa Akunna ta ba shi haƙuri, magana ta ƙare.”

“Mama, in na yi haka ban duba ba, layin gaba ɗaya zai fita daga hannuna.”

“To me kike so?”

“Ki ba ni kwana biyu. Kuma don Allah in ɗayansu ya kira ki, ki ce ya zo wurina.”

Madam ta ce Akunna ta riga ta kira jiya, Akinola ma ya kira. Ta ce to, ta ji, amma rigunan nan ba za su jira kowa ba.

Washegari Salome ta hau bas ɗin farko, ana yayyafi. Ta buɗe shago babu kowa. Ta ɗebi riga goma daga kwalin, ta warware su da reza, ta goge kowane yanki ya miƙe. Ta auna sawun ɗinkin: rabin inci ne a takwas, biyu sun ɗan wuce da kaɗan, kuma ba na keken Akunna ba ne. Sai ta ɗauko kwalin awo, wanda ake ɗorawa a kan yadi a zana da alli, ta ɗora kowane yanki a kansa. Hannuwan sun fita daga kwalin, wani da kwatan inci, wani ya fi. Ta ɗauko waɗanda ba a ɗinka ba tukuna, ta duba na saman ƙunshi inda zanen allin yake. Zanen daidai yake. Almakashin ne bai bi shi ba, musamman a lanƙwasar kafaɗa. Farin alli ne a kan yadi mai haske, ita kanta sai da ta kai shi bakin taga.

Ta zauna a kan bandir, tef a hannu. Ta so a ce laifin ya rabu biyu daidai, ta ba kowa rabinsa a tashi lafiya. Bai rabu ba.

Da ma'aikata suka hallara ta kira su biyun tare, ta tsaya a tsakiyar shago, ba kusa da teburi ba, ba kusa da keke ba.

“Baba, Maman Chisom, zan zauna da kowannenku a sito, shi kaɗai. Baba da ƙarfe goma, ke da sha ɗaya. Tambaya ɗaya zan yi muku. Abin da mutum ya faɗa mini a can ba zan kai wa ɗayan ba. Gobe mu zauna mu uku. Ranar nan na yi magana ban ji daga bakin kowa ba, wannan kuskurena ne.”

“Don me shi ne farko?” in ji Akunna.

“Don ya girme mu. Gobe ke za ki fara magana.”

Baba ya shigo sito da ƙarfe goma, ya ƙi zama sai da ta roƙe shi. Ta tambaye shi me ya faru a ganinsa, me kuma yake so a yi. Ya yi magana mai tsawo a kan yaran zamani da rashin kunya. Ta bar shi har ya gaji, ba ta gyaɗa kai ba, ba ta musa ba. Sannan ta maimaita masa abin da ya faɗa, ta ce ko haka ne. Ya ce haka ne. Sai ta ɗora hannun riga a kan kwalin awo ta tura gabansa.

Ya ɗauka. Bai duba da ido ba, yatsa ya bi da shi ta gefen kwalin, ya tsaya inda yadin ya fito. Ya daɗe a haka.

“Tun Ista,” ya ce. “Idona na dama. Kamar an shafa masa koko. In yadi mai duhu ne ina ganin alli. Wannan kuwa da hannu nake lalube.”

“Ka je asibiti, Baba?”

“In na je, Madam za ta ji. In ta ji, wa zai riƙe makaho a teburin yanka? Matar nan ta faɗi abin da nake ɓoyewa ko a gidana, ta faɗe shi a gaban yara.”

Salome ta dube shi ta ce:

“Maganar idonka taka ce, ba za ta fita daga bakina ba. Amma maganar yankan ba zan ɓoye ta gobe ba, tunda riguna ne a gabanmu. Kuma riƙe ƙunshi da kake yi, layi na zaune, shi ma zan faɗa.”

“Ke ma kin koma wurinta ke nan.”

“Ban koma wurin kowa ba. Kai ka koya mini in auna kafin in yi magana.”

Ya tashi ya fita.

Akunna ta shigo da murmushi, ta ja kujera kusa, ta ce, “To ƙawata, faɗa mini, me tsohon ya ce?”

“Ba zan faɗa miki ba, kamar yadda ba zan faɗa masa naki ba.”

Murmushin ya tafi. Salome ta yi mata tambayar da ta yi wa Baba. Akunna ta ce ba yau abin ya fara ba. Tun odar watan Mayu take ganin yanka yana kaucewa, ita ce take bi da ƙaramin almakashi tana datsewa kafin ta raba wa layi, ba ta gaya wa kowa ba don kada ta kunyata shi. Wannan karon riga ɗari huɗu ce, ba za ta iya ba. Da ta je masa kuma, sai ya ɗora wa yaranta laifi.

“Me ya hana ki gaya wa Madam tun a Mayu? Ko ni, da na hau?”

Akunna ta kalle ta. “Ke? Na riga ki shiga shagon nan da shekara biyar, Maman Mark. Aka ɗauki makulli aka tsallake ni aka ba ki. Ban ce komai ba. Sai kuma in zo in durƙusa in kawo miki ƙara?”

Salome ta san wannan maganar tana nan tun ranar farko, jin ta dai ya fi zato nauyi.

“Na ji. Ba ni na zaɓi kaina ba, kuma ba zan ce miki bai kamata ki ji zafi ba. Wannan tsakaninmu ne da Madam, in ta dawo ki faɗa mata, ni ma zan tsaya a wurin. Amma kalmar da kika jefa wa Baba a gaban mutane, gobe zan ce ba daidai ba ce.”

“Ko da ni ce da gaskiya?”

“Gaskiyar riga daban, wannan daban.”

“Lallai kin zama oga,” in ji Akunna, ta ture kujera ta fita.

Ranar nan Salome ta ci abincinta ita kaɗai a sito, a tsaye.

Da safe suka zauna su uku, ƙofa a rufe, ta sa mai guga ya kunna rediyo a waje. Ta jera kujerun yadda babu wanda ke gefenta. Ta ce mutum ɗaya zai yi magana a lokaci guda, a kan aiki za a tsaya, ba a kan halin kowa ko garinsu ba. Akunna ta fara. Baba ya katse ta sau ɗaya, Salome ta ɗaga hannu ta ce, “Baba, naka na zuwa.” Da nasa ya zo Akunna ta yi tsaki, ta ɗaga mata hannun nan dai, ta ce, “An saurare ki.”

Sannan ta baza yankunan a kan bandir, ta ba kowa tef. Ta ce ga abin da ta samu: yawancin matsalar daga yanka take. Keke biyu a layi suna wuce rabin inci, wannan na Maman Chisom ne ta gyara. Datsewa a ɓoye ta sa matsala ta kwana wata uku ba a sani ba. Zagi a gaban ma'aikata bai dace ba. Riƙe aiki don fushi shi ma bai dace ba. Ta faɗe su da murya ɗaya, ba ta tausasa wani ta kaurara wani ba.

Tana jiran ɗayansu ya tashi ya ce ya bar aikin.

Baba ne ya yi magana, yana kallon bango. “Yankan nawa ne. Idona na dama ya samu matsala.”

Akunna ta dube shi. Can ta ce a hankali, “Ban sani ba, Baba. Da na sani ba zan faɗa ba.”

“Ko ba ki sani ba bai kamata ki faɗa ba.”

“Haka ne. Ka yi haƙuri.”

Bai ce ya haƙura ba. Salome ba ta matsa masa ba, ba ta ce su gaisa ba. Ta tambaye su su biyu yadda za a yi da riga ɗari huɗu a mako biyun da suka rage. Akunna ce ta ce a sayo jan alli. Baba ya ce a janyo teburin zuwa bakin taga, a rataya ƙwan lantarki a samansa. Suka yi gardama kaɗan a kan wanda zai warware na cikin kwali, aka tsaya a kan layi zai warware, Baba zai daidaita su a kan kwalin awo. Salome ta ƙara abu ɗaya: duk sabon ƙunshi, a fara ɗinka riga ɗaya, su biyun su duba kafin a saki sauran, in sun saɓa a kira ta, kada a ɗaga murya. Ta maimaita abin da aka tsayar, kowa ya ce ya yarda. Ta ce ranar Juma'a za su sake zama na minti goma.

Da suka fito, ga idon kowa a kansu. Salome ta ce an gama magana, za a matsar da teburi, maza su kama. Wata ta tambaya wa ke da laifi. Salome ta ce mata ta koma kan kekenta.

Ba a gama a ranar da aka yi alkawari ba. Riga ɗari uku da arba'in aka kai Hanwa ana gobe komawa makaranta, sauran bayan kwana uku, Salome ta tsaya a ofishin shugabar makarantar ta sha faɗa ita kaɗai, ba ta ambaci sunan kowa ba. Zaman Juma'a na farko ya kusa komawa rigima a kan kwalar riga, na biyu bai kai minti biyar ba.

Baba da kansa ya kira Madam ya gaya mata zancen idon. A watan Nuwamba aka cire masa yanar da ke idon, ya yi mako biyar a gida, Salome ta riƙe almakashi a madadinsa. Ya dawo da tabarau mai kauri, kuma har yau da jan alli yake zane. Tsakaninsa da Akunna gaisuwa ce da maganar aiki, ba su wuce nan ba.

Da Madam ta dawo, Akunna ta faɗi abin da ke ranta, Salome tana tsaye kamar yadda ta ce. Madam ta ce ta ji, ba ta canja komai ba. Akunna ta ci gaba da zuwa aiki. Ta zo bikin kammala karatun Mark da kular shinkafa, ta yi rawa, amma a shago ba ta ƙara kiran Salome ƙawata ba.

Shekara uku ke nan Salome tana kula da shagon. An ƙara keke huɗu, an ɗauki mai yanka na biyu, wata mata daga Hanwa. Jiya matar nan da Baba suka saɓa a kan wanda zai yi amfani da babban almakashi, har murya ta fara tashi. Salome tana sito ta ji su. Ta ajiye bandir ɗin da ke hannunta, ta tsaya ta saurara tukuna, sannan ta fito ta ce su biyun su same ta bayan an ci abinci.